Karanta tsinken gwajin ruwa daga hoto

Karanta tsinken gwajin ruwa daga hoto hanya ce ta gano yawan wani sinadari a cikin ruwa. Ana tsoma tsinken gwaji a ruwan, a ɗauki hotonsa da wayar hannu, sannan a kwatanta launin da ya fito a jikinsa da jadawalin launukan da kamfani ya buga a jikin kwalbar tsinkayen. Amfanin hoton shi ne yana adana launin a daidai lokacin da ya kamata a karanta shi, kuma ana iya tura shi ga malamin gona ko jami'in lafiya da ke nesa. Matsalarsa kuwa ita ce launin da ke cikin hoto ba lallai ne ya zama launin da ke jikin tsinken ba, domin haske da kyamara duk suna sauya shi. Saboda haka babbar ƙa'idar wannan hanya ita ce tsinken da jadawalinsa su fito a hoto guda, a ƙarƙashin haske guda, kuma a kan lokaci.

Wannan maƙala ta ɗauki gwajin sinadarin naitiret a matsayin misali, a yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano, inda ruwan ban gona da takin zamani da rijiyoyin sha suke maƙwabtaka da juna.

Yankin Kura da Bunkure

Gonakin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam suna cikin Shirin Noman Rani na Kogin Kano. Ruwan shirin yana fitowa ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 a zamanin gwamna Audu Bako. Daga can yake gangarowa ta babban kanal, ba tare da injin turo shi ba, ya rabu zuwa reshen yamma da reshen gabas, sannan ya shiga ƙananan kanal-kanal har ya kai gona. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da shirin. Manyan amfanin gonar yankin su ne shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa.

Mai gwaji a wannan yanki yakan ci karo da ruwa iri uku. Akwai ruwan kanal da bai riga ya shiga gona ba, akwai ruwan magudana da ya ratsa gonaki ya fito, akwai kuma ruwan rijiyoyi marasa zurfi da ke gefen gonaki ko cikin ƙauyuka. Naitiret sinadari ne da ke narkewa a ruwa nan take, kuma ƙasa ba ta riƙe shi sosai. Idan aka zuba taki kamar yuriya fiye da abin da shuka za ta iya sha, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna mayar da wani ɓangarensa naitiret, ruwan ban gona kuma ya wanke shi zuwa magudana ko zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Masai da garken dabbobi da ke kusa da rijiya su ma suna iya ƙara shi. Shi ya sa ruwan magudana da na rijiya suka fi na kanal buƙatar wannan gwaji.

Yadda tsinken yake sauya launi

Tsinken gwaji ɗan siririn roba ne fari, da aka manna wa ƙaramar takarda mai kusurwa huɗu a ƙarshensa. Wannan takarda, wadda za a kira faci a nan, an jiƙa ta da sinadarai an busar. Tsinken naitiret yakan zo da faci biyu, ɗaya na naitiret, ɗaya na ɗan'uwansa naitirait.

Idan ruwa ya taɓa facin naitiret, abu biyu ne suke faruwa a jere. Da farko wani sinadari da ke cikin facin yana mayar da naitiret ɗin ruwan naitirait. Daga nan naitirait ɗin ya haɗu da wasu sinadarai biyu su samar da rini mai launin ruwan hoda, wanda yake ƙara duhu ya koma ja mai sirkin shuɗi idan sinadarin ya yi yawa. Wannan gwaji ya samo asali ne daga aikin Peter Griess, masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Jamus, wanda ya bayyana shi a 1879.

Abu biyu ne suka biyo baya daga wannan. Na farko, launin ba ya fitowa lokaci guda. Yana ƙaruwa a hankali, kuma yana iya ci gaba da sauyawa bayan lokacin da aka ƙayyade. Jadawalin kamfani yana nuna launin ne a wani lokaci tsayayye, wanda ga yawancin tsinkayen naitiret sakan 60 ne bayan tsomawa. Na biyu, tunda facin naitiret ta hanyar naitirait yake aiki, duk naitirait ɗin da ke cikin ruwan tun asali zai ƙara masa launi. Facin na biyu gargaɗi ne: idan shi ma ya yi ruwan hoda, to karatun naitiret ɗin ya haura gaskiya.

Jadawalin launuka

Jadawalin jerin ƙananan gidaje ne masu launi, kowane gida da lambarsa a ƙasa. Wani jadawali da aka saba gani yana da gidaje bakwai: 0, 10, 25, 50, 100, 250 da 500, a ma'aunin miligiram cikin lita ɗaya ta ruwa, wanda ake rubutawa mg/L. Tazarar gidajen ba ɗaya ba ce. Tsakanin gida na biyu da na uku 15 ne kawai, amma tsakanin na shida da na bakwai 250 ne. Wannan yana nufin tsinken ba ya ba da lamba guda tak, sai dai ya nuna tsakanin gidaje biyun da ruwan ya faɗa.

Kafin a dubi launi, dole a fara duba abin da aka rubuta a gefen lambobin. Wasu kamfanoni suna ƙidaya nauyin naitiret gaba ɗaya, su rubuta NO3. Wasu kuma naitirojin ɗin da ke cikinsa kaɗai suke ƙidayawa, su rubuta NO3-N, kuma gidajen irin wannan jadawali sukan zama 0, 1, 2, 5, 10, 20 da 50. Ana sauya ɗayan zuwa ɗayan da wannan lissafi:

```
NO3 = NO3-N × 4.43
NO3-N = NO3 ÷ 4.43
```

Wato 10 a jadawalin NO3-N daidai yake da kusan 44 a jadawalin NO3. Wanda ya ga 20 a jadawalin NO3-N ya ɗauka ruwan yana ƙasa da iyakar 50 ya yi babban kuskure, domin ainihin naitiret ɗin ya kusa 89.

Jadawalin kowane kamfani na tsinkayensa ne kaɗai. Ba a karanta tsinken wani kamfani da kwalbar wani, ba a kuma amfani da jadawalin da aka sauko da shi daga intanet ko aka yi masa kwafi a shagon buga takardu, saboda tawadar ba za ta fito daidai da ta asali ba.

Dalilin da ya sa hoto yake sauya launi

Launin da kyamara take gani haɗin abu biyu ne: launin abin da aka ɗauka da launin hasken da ya sauka a kansa. Hasken rana da hantsi fari ne, na la'asar sakaliya yana da ja-ja, inuwar da sararin sama yake haskawa tana da shuɗi-shuɗi, inuwar bishiyar mangwaro ko darbejiya kuma tana ɗauke da kore. A lokacin hunturu, hazo yakan rage ƙarfin rana ya sauya launin hasken. Idon mutum yana sabawa da waɗannan sauye-sauye ba tare da ya lura ba, amma a hoto suna iya fitowa fili.

Wayar ma ba ta barin hoton yadda ya shigo. Tana ƙiyasta abin da ya kamata ya zama fari ta gyara sauran launukan a kansa, tana ƙara ko rage haske gwargwadon abin da ya cika hoton, kuma wayoyi da yawa suna ƙara wa launi kauri don hoton ya yi kyau. Idan aka ɗora tsinke a kan jar ƙasa ko koren ganye, wayar tana iya karkatar da launin hoton gaba ɗaya. Bayan haka, manhajojin aika saƙo suna matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, allon wayar mai karɓa kuma yana da nasa hasken da launin.

Duk waɗannan sauye-sauye suna faɗa wa abin da ke cikin hoton ne baki ɗaya. Idan tsinke da jadawali suna gefen juna, abin da ya sami ɗaya ya sami ɗayan, don haka kwatancen da ke tsakaninsu yana nan kusan yadda yake. Idan kuwa tsinken kaɗai aka ɗauka, mai karatu ya ɗora kwalba a gefen allon wayarsa yana kwatantawa, to yana gwada hasken allo ne da tawadar takarda, kuma sakamakon ba abin dogaro ba ne.

Akwai saura guda da hoto ɗaya ba ya gyarawa gaba ɗaya. Rinin da ke jikin faci da tawadar jadawali ba abu ɗaya ba ne. An daidaita su ne don su yi kama a ido a hasken rana. A ƙarƙashin ƙwan lantarki ko tocilan suna iya rabuwa ko da a hoto guda suke. Wannan ne dalilin da ya sa aka fi son hasken rana.

Matakan gwaji da ɗaukar hoto

Ana ɗiban ruwan a kofi mai tsabta da aka ɗauraye da shi ruwan sau biyu ko uku. A kanal ko magudana ana ɗiba daga inda ruwa yake gudu, ba daga gefen da ya kwanta ba. A rijiyar da ake ja da inji ana barin ruwan ya zuba na 'yan mintuna tukuna. Idan ruwan ya yi laka, kamar yadda yakan faru bayan ruwan sama ko bayan an kaɗa fadamar shinkafa, sai a bar shi ya kwanta ko a tace shi da farin ƙyalle mai tsabta. Naitiret narkakke ne, tacewa ba ta rage shi, amma tana hana jar laka ɓata facin.

Ana shirya wurin hoton kafin a tsoma tsinken, domin minti ɗaya ba ya jira. A shimfiɗa farar takarda marar sheƙi a inuwa mai wadataccen haske, kamar gefen gini, ba cikin rana tsaka ba, ba kuma ƙarƙashin ganye ba. A goge gilashin kyamara, musamman lokacin ƙura. A kashe filasha da duk wani tsarin ƙawata hoto. Sannan a bi waɗannan matakai:

1. A zaro tsinke ɗaya da busasshen hannu, ba tare da taɓa facin ba, a rufe kwalbar nan take.
2. A tsoma faci biyun cikin ruwa na tsawon lokacin da kamfani ya rubuta, yawanci sakan ɗaya ko biyu, a fara ƙidaya lokaci.
3. A bi umarnin kwalbar game da ragowar ruwan da ke jikin tsinken. Wasu kamfanoni sun ce a karkaɗe shi, wasu sun ce a bar shi a kwance kada a karkaɗe.
4. A kwantar da tsinken a kan takardar dab da gidajen jadawalin, ba tare da ya jiƙa su ba.
5. A riƙe wayar a saman su kai tsaye, nesa da kamar taƙi ɗaya, yadda inuwar hannu ko ta wayar ba za ta faɗa kansu ba.
6. A ɗauki hoton daidai lokacin da sakan 60 ɗin suka cika.

Jadawalin da ke naɗe a jikin kwalba yana da wata matsala: kwalbar zagaye take, don haka gidajen da suka lanƙwasa gefe suna samun haske daban da na tsakiya. Maganin haka shi ne a juya kwalbar yadda gidaje biyu ko uku da suka fi kama da facin za su fuskanci kyamara. Yana da kyau a rubuta wurin da kwanan wata da lokaci a jikin farar takardar su fito a hoton. Wajen turawa kuma, a tura shi a matsayin fayil don kada manhajar ta matse shi.

Kwatanta launin

Da ido, ana fara neman gidan da ya fi facin haske da gidan da ya fi shi duhu, sannan a duba wanda facin ya fi kusa da shi. Tsakiyar facin ake kallo, ba bakinsa ba, saboda rini yakan taru a baki idan ruwa ya fara bushewa. Mutanen da ba sa bambance ja da kore sosai, waɗanda yawancinsu maza ne, suna iya shan wahala a wannan mataki, don haka yana da amfani mutum biyu su duba.

Ana kuma iya kwatantawa da lambobi. Kowane ɗigo na hoto yana ɗauke da lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi, waɗanda ake kira RGB, kowacce daga 0 zuwa 255. Manhajojin zaɓen launi suna nuna waɗannan lambobi idan aka taɓa wuri a hoton. Rini mai ruwan hoda koren haske ya fi shanyewa, saboda haka lambar kore, wato G, ita ce take sauka sosai yayin da facin yake ƙara duhu. Ana auna G a wurare uku ko huɗu a tsakiyar facin a ɗauki matsakaici, a yi haka ma a gidajen jadawalin da ke cikin hoton.

Manhajojin da aka ƙera musamman don wannan aiki sukan yi amfani da tsarin CIELAB, wanda hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da ma'aunin haske ta fitar a 1976. Tsarin yana raba launi zuwa haske da karkata biyu, ta ja da kore da ta rawaya da shuɗi, sannan ya auna nisan da ke tsakanin launuka biyu:

```
ΔE = √(ΔL² + Δa² + Δb²)
```

Gidan da ya fi ƙarancin nisa daga facin shi ne mafi kusa. Manhajar Akvo Caddisfly da Nitrate App ta cibiyar Deltares da ke ƙasar Holan an ƙera su ne yadda za a ɗora tsinken a kan wani kati na musamman mai launukan da aka riga aka sani, don manhajar ta gyara tasirin hasken kafin ta karanta.

Misali

Lambobin da ke wannan sashe an tsara su ne don bayani, ba sakamakon wani bincike ba ne. A ɗauka wani manomin tumatir a yankin Bunkure yana ban ruwa daga wata rijiya marar zurfi a ƙarshen gonarsa idan ruwan kanal bai iso ba, kuma masu aikin gonar suna sha daga ita. An gwada ruwan da tsinke mai jadawalin NO3, an ɗauki hoto guda a sakan 60. Facin naitirait bai sauya ba, ya tsaya fari. Facin naitiret ya fi gidan 25 duhu, bai kai gidan 50 ba. Lambobin G da aka samu a hoton su ne:

Farar takarda: 240
Gidan 25: 190
Gidan 50: 160
Gidan 100: 122
Facin tsinke: 172

Daga gidan 25 zuwa gidan 50, lambar ta sauka da 30. Facin ya sauka da 18 daga gidan 25, wato ya ci kashi shida cikin goma na tazarar:

```
(190 − 172) ÷ (190 − 160) = 0.6
25 + 0.6 × (50 − 25) = 40 mg/L NO3
```

Lissafin ya ɗauka cewa launi yana ƙaruwa daidai wa daida tsakanin gidajen biyu, alhali ƙiyasi ne kawai. Saboda haka yadda ya dace a rubuta sakamakon shi ne: tsakanin 25 da 50, ya fi kusa da 50, kimanin 40.

Yanzu a ɗauka an yi kuskuren ɗaukar tsinken shi kaɗai a wuri mai ƙarancin haske, inda farar takardar ta fito 210 maimakon 240. Komai na wannan hoto ya yi duhu da kusan kashi ɗaya cikin takwas, don haka facin zai nuna kimanin 150 maimakon 172. Idan aka gwada 150 da lambobin jadawalin da aka ɗauka a wancan hasken, zai faɗa tsakanin gidan 50 da gidan 100, lissafin kuma ya ba da kusan 63. Ruwan bai canza ba, tsinken bai canza ba, amma karatun ya tsallake iyakar ruwan sha. Da akasin haka ne ya faru, hoton tsinken ya fi haske, da ruwan da ya wuce iyaka zai bayyana kamar lafiyayye. Alamar da ke tona wannan kuskure ita ce farar takarda: idan lambarta ta bambanta a hotuna biyu, ko a kusurwoyin hoto ɗaya, hasken bai daidaita ba.

Ma'anar sakamakon

Ma'anar lamba ta dogara ne ga abin da za a yi da ruwan. Game da sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a 50 mg/L, wanda ya yi daidai da kimanin 11 mg/L a ma'aunin NO3-N. Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, wadda aka fara fitarwa a 2007, ita ma 50 ta sa. An sa iyakar ne musamman don kare jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake haɗa wa madara da ruwa. A jikinsu naitiret yana komawa naitirait, wanda ke rage wa jini ƙarfin ɗaukar iskar numfashi, har leɓe da fata su yi shuɗi. Tafasa ruwa ba ta cire naitiret. Tana ma ƙara yawansa kaɗan, saboda ruwa ne yake tashi ya bar sinadarin.

A misalin da ya gabata, 40 yana ƙasa da 50, amma tazarar ta yi ƙanƙanta fiye da yadda tsinke zai iya tabbatarwa. Abin da ya dace shi ne a maimaita gwajin da sabon tsinke, a kai samfurin ruwan ɗakin gwaje-gwaje, kuma kafin sakamako ya fito kada a haɗa wa jariri abinci da shi. Yawan naitiret yana sauyawa da lokaci, don haka gwajin da aka yi kafin zuba taki ba ya wakiltar makonnin da suka biyo bayansa.

Game da ban ruwa kuwa, littafin ingancin ruwan noma da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985, wanda Ayers da Westcot suka rubuta, yana amfani da ma'aunin NO3-N. Ƙasa da 5 babu matsala, daga 5 zuwa 30 akwai buƙatar lura, sama da 30 matsalar mai tsanani ce ga shuke-shuken da ba sa jure yawan naitirojin. Idan aka raba 40 da 4.43 za a sami kimanin 9, wanda ya faɗa rukuni na tsakiya.

Wannan naitirojin taki ne da ruwan yake kawowa, kuma ana iya lissafa shi. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Idan da ruwan rijiyar kaɗai aka ba hekta ɗaya milimita 500 a kakar noma, an zuba lita miliyan 5 ke nan. A miligiram 9 cikin kowace lita, jimillar naitirojin ta kai kilo 45. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 23 a buhu mai kilo 50. Ruwan ya kawo kwatankwacin buhu biyu na yuriya. Ba duka shuka za ta sha ba, domin wani zai sake wankewa ƙasa, amma manomin da ya zuba cikakken taki bai cire wannan daga lissafi ba yana iya ganin tumatir ya yi ganye da yawa ya jinkirta nuna. A alkama da shinkafa, yawan naitirojin yakan sa kara ya yi tsawo ya kwanta.

Kurakuran da aka fi yi da alamominsu

Tsinken da zafi ko danshi ya lalata yakan nuna launi tun kafin a tsoma shi, ko ya ƙi yin launi yadda ya kamata. Kamfanoni sukan ce a ajiye kwalbar a busasshen wuri mai sanyi, alhali zafin Kano a watan Afrilu yakan kai digiri 40, cikin mota ko akwatin babur kuma ya fi haka. Ana gane lafiyar tsinkayen ta hanyar duba ranar ƙarewar aikinsu, da ɗora busasshen tsinke kusa da gidan 0 a ga ko sun yi daidai.

Farin tabo mai ƙyalli a kan facin ko jadawalin alama ce ta filasha ko rana kai tsaye, kuma yana sa launi ya yi haske fiye da gaskiya. Faci mai launin ƙasa-ƙasa ko ruwan goro, wanda bai yi kama da kowane gida ba, yawanci laka ce ta ɓata shi, sai a tace ruwan a sake. Jadawalin da ya daɗe a rana yakan koɗe, kuma koɗaɗɗen jadawali yana sa karatu ya haura, domin facin zai yi kama da gidan da ke gaba. Hoton da aka ɗauka bayan minti biyar ko goma ba a karanta shi, ko da ya fito da kyau.

Iyakokin hanyar

Tsinken naitiret ba ya ganin yuriya ko amoniya. A fadamar shinkafa da ruwa ya kwanta a kai, naitirojin ɗin taki yakan zauna a siffar amoniya, naitiret kuma yakan ɓace saboda ƙarancin iska a cikin taɓo. Don haka tsinke yana iya nuna 0 a ruwan da aka zuba wa taki kwana biyu da suka wuce. Haka kuma ba ya nuna ƙwayoyin cuta, ko maganin ƙwari da na ciyawa, ko ƙarafa masu guba kamar dalma. Gishirin ruwan ban gona ma ba da shi ake aunawa ba, sai da na'urar da ke auna yadda ruwa yake ɗaukar lantarki. Ruwan da ya nuna 0 a naitiret bai zama ruwan sha ba saboda wannan kaɗai.

Ƙa'idojin hoton da aka bayyana a sama suna aiki ga sauran tsinkaye, kamar na pH da na sinadarin kulorin, sai dai kowanne yana da lokacin karatunsa, kuma a tsinken pH launi ne yake sauyawa daga wani iri zuwa wani, ba duhu kaɗai yake ƙaruwa ba, don haka lambar G ita kaɗai ba ta isa ba. A kowane hali, sakamakon tsinke na tantancewar farko ne. Yana nuna rijiyar da ta kamata a kai ruwanta ɗakin gwaje-gwaje da kuma yadda magudana take sauyawa daga mako zuwa mako, amma hukuncin rufe rijiya ko amincewa da ita yana buƙatar gwajin ɗakin gwaje-gwaje.